Yadda ake kafa hujjar indakshan a kan rabuwar lambobi da rashin daidaito

Ɗauki n² + n + 41 ka riƙa sa lambobi a gurbin n. Sifili zai ba ka 41, ɗaya 43, biyu 47, uku 53, kuma kowace a cikinsu ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Haka za ka yi ta samu har zuwa 39. Da ka sa 40 sai ka ga 1681, wato 41 sau 41. Gwaji arba'in a jere sun yi daidai, na gaba ya rushe maganar. Saboda irin wannan ne masu lissafi ba sa karɓar "na gwada da yawa" a matsayin hujja. Idan ana so a tabbatar da magana ga dukkan cikakkun lambobi daga wani wuri zuwa sama, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ita ce indakshan.

Ka ɗauke ta kamar hawa tsani. Abu biyu kake buƙata: ka iya taka matakala ta farko, kuma ka nuna cewa duk wanda ke tsaye a kan wata matakala zai iya taka ta gaba. In an samu biyun, babu matakalar da ba za a kai ba. A takarda kuwa ga yadda ake shimfiɗa aikin:

1. Ka rubuta maganar da za a tabbatar, ka sa mata suna P(n), ka faɗi daga wace lamba ta fara.
2. Matakin tushe: ka sa lambar farko, ka lissafa, ka nuna maganar ta tabbata.
3. Zato: ka ɗauka P(k) gaskiya ce ga wata lamba k wadda ba ta gaza lambar tushe ba.
4. Matakin haɗi: da taimakon zaton nan, ka nuna P(k+1) gaskiya ce.
5. Ka rufe da cewa maganar ta tabbata ga kowace n daga tushe zuwa sama.

Na ɗaya, na biyu da na biyar ba su da wuya. Gumin duka yana na huɗu, kuma dabararsa guda ce: ka tono abin da ka zata game da k daga cikin abin da kake nema game da k+1. Yadda ake tonon ne ya bambanta tsakanin rabuwa da rashin daidaito.

Rabuwa: nuna cewa 5 tana raba 7^n − 2^n

P(n) ita ce: 5 tana raba 7^n − 2^n ba saura, ga kowace n ≥ 1.

Tushe: idan n = 1, muna da 7 − 2 = 5, kuma 5 = 5 × 1. Ta tabbata.

Zato: a nan ake fara yin sake. Kada ka tsaya a rubuta "5 tana raba 7^k − 2^k" kawai, domin jimlar baki ba ta shiga lissafi. Mayar da ita alama: 7^k − 2^k = 5m, inda m cikakkiyar lamba ce. Yanzu kana da abin da za ka iya ninkawa ko ka musanya.

Kafin ka ci gaba, rubuta inda za ka a gefen takarda: ana so 7^(k+1) − 2^(k+1) ta fito a matsayin 5 sau wata cikakkiyar lamba. Sai ka buɗe ta:

```
7^(k+1) − 2^(k+1) = 7·7^k − 2·2^k
```

Duba da kyau. Abin da muka zata, wato 7^k − 2^k, ya kusa bayyana, amma ɗaya yana ɗauke da 7, ɗayan yana ɗauke da 2. Da dukansu 7 suke ɗauke da ita, da sai mu fitar da ita waje. To sai mu tilasta hakan: mu rubuta −2·2^k a matsayin −7·2^k + 5·2^k. Ba mu canza komai ba, tunda −7 + 5 = −2.

```
= 7·7^k − 7·2^k + 5·2^k
= 7(7^k − 2^k) + 5·2^k
= 7(5m) + 5·2^k
= 5(7m + 2^k)
```

A layi na uku ne aka yi amfani da zato, kuma yana da kyau ka rubuta "bisa zato" a gefensa don mai dubawa ya gani. Tunda m da 2^k cikakkun lambobi ne, 7m + 2^k ma cikakkiya ce, saboda haka 5 tana raba 7^(k+1) − 2^(k+1). Wannan jimla ta ƙarshe ba ado ba ce. Ko 7 ana iya rubuta ta 5 × 1.4, cikar lambar da ke cikin baka ita ce ke sa a ce an raba ba saura.

In kana shakkar aljabararka, gwada ta da ƙaramar lamba. Ga k = 2, 49 − 4 = 45, ke nan m = 9. Tsarinmu ya ce na gaba zai zama 5(63 + 4) = 335. Kai tsaye kuma 343 − 8 = 335. Sun haɗu. Da ka ɓata alama a hanya, nan take za ta tona kanta.

Wani zai ce tushen nan ai ɓata lokaci ne, tunda kowa ya ga 7 − 2 = 5. To ga magana: "9 tana raba 10^n + 1." Zata cewa 10^k + 1 = 9m. Sai 10^(k+1) + 1 = 10(10^k + 1) − 9 = 9(10m − 1). Matakin haɗi ya tafi sumul, ba inda ya yi tuntuɓe. Amma lambobin su ne 11, 101, 1001, kuma kowace in ka raba da 9 saura 2 take bari. Maganar ƙarya ce ga kowace n. Haɗin cewa kawai ya yi in ta tabbata sau ɗaya za ta ci gaba, ita kuwa ba ta taɓa tabbata ba.

Rashin daidaito: nuna cewa 2^n > n²

A nan aikin farko shi ne gano inda maganar ta fara, in ba a ba ka ba. Jera ƙananan lambobi: ga n = 1, 2 ta fi 1. Ga n = 2, 4 da 4 ne, kunnen doki. Ga n = 3, 8 ba ta kai 9 ba. Ga n = 4, 16 da 16. Ga n = 5, 32 ta fi 25, ga n = 6 kuma 64 ta fi 36. Don haka P(n) ita ce 2^n > n² ga kowace n ≥ 5.

Tushe: 2^5 = 32, 5² = 25, kuma 32 > 25.

Zato: 2^k > k² ga wata k ≥ 5. Kada ka yar da "k ≥ 5" ɗin nan, za a neme shi.

Abin nema: 2^(k+1) > (k+1)². Ka fara daga ɓangare ɗaya tak, na hagu, ka yi ta tafiya har ka isa na dama:

```
2^(k+1) = 2·2^k > 2k²
```

An ninka ɓangarorin zato biyu da 2, kuma tunda 2 ta fi sifili alamar ba ta juya ba. Da lambar ƙasa da sifili ce, da dole a juya ta. Yanzu zato ya gama aikinsa, ya ajiye mu a 2k², alhali (k+1)² muke nema. A rabuwa, da zarar ka sa zato kusan ka gama. A rashin daidaito kuwa yakan bar ka a tsakiyar hanya, sai ka cike ragowar da wata ƙaramar hujja ta daban.

Abin da ya rage shi ne a nuna 2k² ≥ (k+1)². Tunda (k+1)² = k² + 2k + 1, ya isa a nuna k² ≥ 2k + 1. Ga amfanin sharaɗin da muka ajiye: tunda k ≥ 5, to k² = k·k ≥ 5k = 2k + 3k > 2k + 1. Sai a haɗa sarƙar a layi ɗaya:

```
2^(k+1) > 2k² = k² + k² > k² + 2k + 1 = (k+1)²
```

Ka bi alamomin da ido daga hagu zuwa dama. Dole dukansu su fuskanci gefe guda, ko dai > da ≥ da =, ko kuma < da ≤ da =. In ka ga > a farko sannan < a tsakiya, sarƙar ta tsinke, domin sanin cewa A ta fi B kuma B ba ta kai C ba bai gaya maka komai game da A da C ba.

Ni a ganina misalin nan ya fi kowane nuna dalilin da ya sa tushe da haɗi sai sun gamu a wuri ɗaya. Maganar gaskiya ce a n = 1, amma ba za ka fara daga can ba, saboda k² ≥ 2k + 1 ba ta tabbata ga k = 1 ko k = 2. Daga k = 3 haɗin ya fara aiki, tunda 9 ta fi 7, sai dai a 3 da 4 ita maganar kanta ba ta tsaya ba. Biyar ce lamba ta farko da abubuwan biyu suka samu tare.

Akwai kuskure guda da ya fi yawa a irin wannan tambaya. Mutum zai rubuta 2^(k+1) > (k+1)² a layin farko kamar an riga an yarda da ita, ya yi ta sarrafa ɓangarorin biyu har ya iso ga wani abu na gaskiya, sai ya ce ya gama. Wannan ɗaukar abin nema ne a matsayin hujja. Daga ƙarya ma ana iya isa ga gaskiya: −3 = 3 ƙarya ce, amma in ka ninka kowane ɓangare da kansa za ka samu 9 = 9. Tafiya da baya tana da amfani a takardar gwaji, da ita muka gano cewa k² ≥ 2k + 1 muke buƙata. A tsabtataccen rubutu dai daga zato ake tashi. Alama ta biyu da za ta nuna maka akwai matsala: ka kai ƙarshe ba ka taɓa zato ba ko sau ɗaya. To ko dai akwai kuskure, ko kuma maganar ba ta buƙatar indakshan tun farko.

Wani lokaci kuma maganar gaskiya ce, ba ka yi kuskure ba, amma haɗin ya ƙi. Gwada nuna cewa 1/1² + 1/2² + ... + 1/n² < 2. Zato zai ce jimlar daga 1/1² har zuwa 1/k² ba ta kai 2 ba. Ka ƙara 1/(k+1)² a kai, sai ka samu cewa sabuwar jimla ba ta kai 2 + 1/(k+1)² ba, wanda bai isa ba. Zaton ne ya yi rauni, bai faɗi yawan tazarar da ta rage kafin 2 ba. Maganin shi ne ka tabbatar da magana mafi ƙarfi: jimlar ≤ 2 − 1/n. Tushe: ga n = 1, 1 ≤ 1. A haɗi kuma kana buƙatar 1/(k+1)² ≤ 1/k − 1/(k+1). Ɓangaren dama daidai yake da 1/(k(k+1)), kuma tunda k(k+1) ba ta kai (k+1)² ba, kason dama ya fi na hagu girma. Haɗin ya wuce, kuma da yake 2 − 1/n ba ta kai 2 ba, maganar farko ta tabbata ga kowace n ≥ 1.