Darasi na Bakwai: Yadda Gajeriyar Tafiya Take Kashe Batirin Mota

A cikin batirin mota akwai farantan dalma da aka tsoma a ruwan asid. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalma, sai wani farin gishiri da ake kira salfet ya kwanta a jikin farantan. Wannan ba lahani ba ne, domin idan caji ya cika, gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Matsalar tana farawa ne idan batir ya yi makonni bai cika ba, saboda gishirin yana sandarewa ya yi tauri, ya toshe farantan, har caji ya kasa narkar da shi.

Mu ɗauki malamin da makarantarsa ba ta wuce tafiyar minti biyar daga gida ba. Da safe zai tayar da mota, ya kunna na'urar sanyi da rediyo, sannan ya tsaya a cunkoso inda injin yake juyawa a hankali, altaneta kuma, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, ba ta ba da wuta sosai. Kafin batir ya karɓi abin kirki, an kashe mota. Batirin dalma kuwa yana shan ragowar cajinsa na ƙarshe ne sannu a hankali, ga agogo da makullin nesa suna ɗan tsotsar wuta cikin dare. Giɓin kowace rana kaɗan ne, amma yana taruwa, zafin bazara kuma yana ƙara masa sauri.

Ana gane halin da ake ciki da mitar auna ƙarfin wuta, da safe kafin a tayar da mota. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6, idan kuma ya nuna 12.2 to rabin cajinsa ya tafi. Wanda salfet ya kama yakan nuna ya cika da wuri a kan caja, amma da an murza makulli sai kik ya yi nauyi.

Narkar da salfet yana yiwuwa idan bai daɗe ba. Mai gyaran wutar mota zai duba ruwan batir, ya ƙara tataccen ruwa idan ya ragu, sannan ya ɗora shi a caji mai tafiya a hankali, kamar amfiya 5 ga batir mai 60Ah, na kwana ɗaya ko fiye, a wuri mai iska. Kada a yarda a ƙara asid, domin asid ɗin bai ɓace ba, yana maƙale ne a cikin gishirin. Cajojin da ake tallatawa cewa suna farfasa salfet sukan ɗan farfaɗo da batir mai rauni, amma a ganina bai dace a dogara da su ba idan gishirin ya riga ya sandare. Idan kuwa bayan caji da hutun dare mita ta nuna wajen 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakunan batirin shida ya mutu, sai dai a sayi sabo.