Shawara ga masu ɗora fuskar cikin ɗaki a hoton rana

Jama'a masu haɗa hoto a Photoshop, fuskar da aka ɗauka ƙarƙashin kwan lantarki tana zuwa da ruwan ɗorawa, in ka manna ta a hoton tsakar rana nan take asiri ke tonuwa. Kar ka tsaya ƙara haske kawai. Buɗe Curves ka maƙala shi kan leyar fuskar kaɗai, a Blue ka ɗaga kaɗan don kashe ɗorawar, in ja yai yawa ka sauke Red, kana yi kana auna kumatu da fatar wuya da Eyedropper har lambobin su kusanto. Amma fa rana na bugun goshi da hanci, ga inuwa ƙasan haɓa, in baka zana su ba wallahi fuskar lafe take fitowa.