Darasi: Hanyar Tsoho Daga Gado Zuwa Wurin Alwala

Cikin kowane mutum uku da suka haura shekara 65, kusan ɗaya yakan faɗi a shekara. Sau da yawa faɗuwar a cikin gida take aukuwa, a hanyar da tsoho yake bi kullum. Wannan darasi zai bi hanya guda: daga bakin gado zuwa bayan gida da wurin alwala, a duhun asuba.

Mu ɗauki misalin Iya, tsohuwa mai shekara 72 a wani gida a Daura. Tana shan maganin hawan jini, idonta na hagu kuma ya fara yana. Da ta ji kiran salla sai ta miƙe zumbur, ta laluba silifa, ta ɗauki buta ta fita. Daga ɗakinta zuwa bayan gida bai fi taku 15 ba, amma akwai tarko huɗu a hanyar.

Na farko yana bakin gadon. Idan tsoho ya tashi tsaye farat ɗaya, jini yakan sauka zuwa ƙafafu, sai ya ji jiri, idonsa ya yi duhu. Maganin hawan jini da na barci suna iya ƙara wannan. Abin yi shi ne Iya ta fara zama a bakin gado kamar minti ɗaya, tana motsa ƙafafu, tana addu'ar tashi daga barci. Sannan ta miƙe, ta ɗan tsaya tana dafe da bango kafin ta taka. Idan jirin yana dawowa, a kai ta asibiti da dukan magungunanta a leda, likita ya duba. Kada a tsayar da magani da ka.

Na biyu shi ne ƙofa. Dokin ƙofa yana tare ruwan damina, amma ƙafar tsoho ba ta ɗagawa sosai. A shafa masa farin fenti don ya fito fili, a naɗe tabarmar da bakinta ya tashi, a rataye fitilar sola ta kwana a kunne. Tocila ma tana da amfani, sai dai duba: hannu ɗaya buta, ɗaya tocila, da me za ta dafa? Gara jika ya cika butar tun da dare ya ajiye ta can wurin alwala. Na uku kuma tsakar gida ne: turmi, tabarya, kujerar tsuguno da igiyar awaki, duk a kawar da su bayan sallar isha'i.

Na huɗu ya fi sauran haɗari. Simintin wurin alwala yakan yi gansakuka saboda ruwa baya bushewa, tayil mai sheƙi kuwa in ya jiƙe ya fi shi santsi. A kankare gansakukar da buroshi duk mako, a buɗe makwararar ruwa, in za a sake daɓe a ce wa magini ya bar shi da kaushi. A samu mai walda ya yanko fayif na ƙarfe, a kafa shi a bango da siminti daidai ƙugun Iya, ɗaya a wurin alwala, ɗaya kusa da masai. Kafin ta fara amfani da shi, babban mutum ya ja shi da ƙarfi ya ga bai motsa ba. Igiya ko ƙusa ba sa maye gurbinsa. A ajiye mata kujera mai tsawo, wadda in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa, gwiwa ta zo daidai da ƙugu. Silifar da ƙasanta ya cinye kuma a jefar, a sayo takalmi mai kama diddige.

Tsofaffi da yawa ba sa son a ga kamar sun gaza, don haka a yi magana da ladabi. Ɗanta yana iya cewa: "Iya, na sa ƙarfen nan ne don hankalina ya kwanta, ki daure ki riƙa dafawa."

Idan duk da haka ta faɗi, kada a fizge ta a tayar. A tambaye ta inda take jin ciwo. Idan ciwon yana kwankwaso ko matsematsi, ta kasa taka ƙafar, ƙafar kuma ta gajarce ta juya waje, wannan alamar karayar ƙashin kwankwaso ce. Irin wannan karaya ba ta mai ɗori ba ce, yawanci sai an yi hoto an yi aiki. A lulluɓe ta, a ɗauke ta a kwance a mota zuwa babban asibiti a Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Haka nan idan ta bugu a kai, ta fara amai, ruɗewa ko yawan barci, ko da bayan kwanaki ne.

Aikin gida: yau bayan isha'i, a bi hanyar tsohon gidanku a duhu, a rubuta duk abin da ƙafa ta taɓa, a kawo aji gobe.