Yadda ake fitar da matsakaicin shiyya a Power BI ba tare da ƙaramin reshe ya ja lissafin ba

A ce kamfaninku yana da rassa uku a shiyya ɗaya, oga yana son sanin nawa kwastoma ke kashewa a rasit ɗaya. Reshen Kano ya yanka rasit 2,000 a wata, cinikin naira miliyan 10, wato kowane rasit 5,000 kenan. Na Kaduna rasit 500, miliyan 4, ya kama 8,000. Na Katsina kuma rasit 100 kacal amma 'yan sari ne ke zuwa, miliyan 2, kowane rasit 20,000.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su tara 5,000 da 8,000 da 20,000 su raba uku, su samu 11,000 su kai wa oga. To wannan lambar ba gaskiya ba ce, don an ba Katsina mai rasit 100 ƙuri'a ɗaya daidai da Kano mai rasit 2,000. Ainihin lissafin shi ne ka tara kuɗin gaba ɗaya, miliyan 16, ka raba da duka rasit ɗin, 2,600, sai ka samu kusan 6,154. Ka ga tazarar ai ba kaɗan ba ce, kuma in aka ɗora tagit ɗin wata mai zuwa a kan 11,000 an zalunci manajan Kano da na Kaduna.

Da farko leƙa teburinka ka ga me ke ciki. In akwai jimillar kuɗi da adadin rasit na kowane reshe, aiki ya zo da sauƙi, danna New measure, wato sabon ma'auni, ka rubuta wannan da DAX, yaren lissafin Power BI:

```
Matsakaicin Rasit =
DIVIDE ( SUM ( Rassa[Kudi] ), SUM ( Rassa[Rasit] ) )
```

Shikenan. Ka tabbata dai New measure ka danna ba New column ba, domin a kolum wannan lissafin 6,154 zai ajiye a kowane layi, Kano da Katsina duk ɗaya, in ka ja shi cikin tebur kuma sai Power BI ya tara shi, ka sake samun lambar da ba gaskiya ba. Shi kuwa ma'auni sabon lissafi yake yi a kowane mataki, a layin Kano ya raba kuɗin Kano da rasit ɗin Kano, a layin shiyya ya raba kuɗin shiyya da rasit ɗin shiyya. DIVIDE kuma amfaninsa in reshe bai yi ciniki ba ko kaɗan zai bar gurbin fayau maimakon ya kawo ma shirme.

Amma sau da yawa rassa ba sa turo jimilla, matsakaicinsu kawai suke turowa a fayil ɗin Excel tare da adadin rasit. Nan sai ka fara dawo da kuɗin tukuna, ka ninka matsakaicin kowane reshe da rasit ɗinsa, 5,000 sau 2,000 ya ba ka miliyan 10 ɗin nan, sannan ka tara ka raba:

```
Matsakaicin Shiyya =
VAR T = FILTER ( Rassa, NOT ISBLANK ( Rassa[Matsakaici] ) )
RETURN
DIVIDE (
    SUMX ( T, Rassa[Matsakaici] * Rassa[Rasit] ),
    SUMX ( T, Rassa[Rasit] )
)
```

Wannan FILTER ɗin kar ka cire shi, nan ne ake shan ƙasa. A ce Katsina sun turo rasit 100 amma sun manta ba su cike matsakaici ba, in babu shi sama zai zama miliyan 14 ƙasa kuma yana nan 2,600, ka samu wajen 5,385 alhali na rassa biyun da suka turo 5,600 ne, kuma babu wani jan rubutu da zai fito ya gargaɗe ka, lambar za ta zauna abinta kamar ta gaske. In kuma ba su turo adadin rasit ba sam, to babu dabarar DAX da za ta cece ka, ka ɗaga waya ka nema.

Da me za a auna nauyin kowane reshe, wato yawan ƙuri'ar da zai samu a lissafin? Da abin da aka raba da shi tun asali. Matsakaicin rasit, nauyinsa rasit. Kason riba, nauyinsa kuɗin ciniki. Makin gamsuwar kwastoma, nauyinsa yawan waɗanda suka amsa tambayoyin, ba yawan ma'aikatan reshen ba.

Kafin ka tura rahoto, jera shiyya da rassa a Matrix, saka ma'aunin da adadin rasit gefe da gefe. Ɗauki kalkuleta ka ninka lambar layin shiyya da jimillar rasit, dole ta dawo maka da jimillar kuɗin: 6,154 sau 2,600 ya kama miliyan 16 da 'yan canji. In ka ga miliyan 28 da dubu 600, to akwai AVERAGE da ya maƙale a wani wuri, je ka nemo shi.