Kafin ka kwafe lissafi daga hoton littafin Larabci

Duk shekara, da zarar jarrabawar BEPC ta matso, hotunan shafukan littattafan lissafi na Larabci sai su cika wayoyin malaman makarantun faranko-arab na Maraɗi. Wani ya samu littafin Masar a wurin ɗan'uwansa da ya yi karatu a Azhar, ya ɗauki hoton shafin atisaye, ya turo, a ce wani ya mayar da shi rubutun boko don yara su gwada. Littattafan suna da kyau, tambayoyinsu ma sun fi na wasu littattafanmu tsari. Wajen kwafewar ne ake ɓarna, kuma ɓarnar iri ɗaya ce kullum, har na gaji da gyara ta mutum ɗaya-ɗaya.

Abu na farko, ka san daga ina littafin ya fito tun kafin ka taɓa alƙalami. Littafin Maroko ko na Tunisiya bayaninsa ne kawai da Larabci, lissafin kansa da x da y aka rubuta shi, daga hagu zuwa dama, da lambobin da muka saba. Wannan ba ya buƙatar komai, ka fassara bayanin ka bar lissafin yadda ka gan shi. Na Masar da makamantansa na gabas kuwa, lissafin ma daga dama yake farawa, haruffansa na Larabci ne, lambobinsa ٠١٢٣٤٥٦٧٨٩ ne. Wanda ya ɗauki hoton shafi ɗaya tak bai haɗa da bangon littafin ba ya bar ka da aikin ganowa, amma layi guda ya isa: in ka ga س da ص a cikin lissafin, to littafin gabas ne a hannunka, sai ka yi hattara.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na alamar fi da ƙasa da. Ga yadda tambayar take a littafi:

```
٣س − ٥ > ٧
```

A kan takarda, ukun ce a can dama, س na biye da ita, sai alamar ragi, sai biyar, sai alamar kwatanci, bakwai kuma tana ƙarshen hagu. Mai littafin cewa yake: uku sau س, a cire biyar, ya fi bakwai. Da yake ɓangaren da ya fi girma yana dama, bakin alamar a buɗe yake ta dama, tsininta na kallon hagu. Idon da ya yi lakkwal, da ya ga wannan siffa, ƙasa da yake karantawa. Sai mai kwafe ya jera komai daidai, ya sa 3x a farko, ya sa 7 a ƙarshe, amma ya ɗauko alamar da siffar da ya gani a hoto. Ya juya jimlar bai juya alamar ba. Ga daidai, ga kuma iri biyu na ɓarnar da nake gani:

```
3x − 5 > 7      x > 4
3x − 5 < 7      x < 4
7 < 5 − 3x      x < −2/3
```

Layin farko shi ne nufin littafin. Na biyu aikin wanda ya juya tsari ya manta alama ne. Na uku aikin wanda bai juya komai ba, ya bi hoton daga hagu kamar yana karanta Faransanci, sai ragin ya kife, biyar ta koma ita ake cire wa abu. Abin haushin shi ne dukansu uku tambayoyi ne masu warwaruwa. Yaro zai zauna ya yi aikinsa tsaf, ya fito da amsa mai kyan gani, babu abin da zai nuna masa an canza tambayar a hanya.

Wata shekara wani abokin aikina ya kai irin wannan hoto shagon buga takardu, yaron shagon ya buga, aka yi fotokofi, aka raba wa ajin ƙarshe na kolej a matsayin gwaji. Ni aka ba gyara, da takardar amsoshi da aka kwafo daga ƙarshen littafin, inda aka yi sa'a an juya alamar daidai. Na zauna da jan biro ina ta zabga sifili. Sai da wata yarinya ta tsaya bakin tablo da takardarta a hannu ta ce, "Mushe, ka sa biyar a wurin x ka gani, goma ai ba ta ƙasa da bakwai." Gaskiyarta. Tambayar da aka ba su ta ƙi biyar, amsar da ke hannuna ta karɓe ta. Sai da na sake gyara ajin kaf, na bi iyayen da suka riga suka ga maki ina bayani, wani uba ma ya riga ya yi wa ɗansa hukunci a gida. Da na je wurin abokin nawa sai ya ce ai laifin yaron shago ne. Haba malam! Yaron da bai yi Larabci ba ka miƙa masa hoto ka tafi, me kake so ya buga in ba abin da idonsa ya gani ba?

Tun daga nan ga abin da nake yi, ban ce kowa sai ya bi ba. Nakan buga hoton a takarda, in ja kibiya da jan biro a kan kowane layin lissafi daga dama zuwa hagu. Sannan in karanta layin da baki, da kalmomi, in rubuta kalmomin a kaye: uku sau x a cire biyar ya fi bakwai. Daga waɗannan kalmomin nake rubuta alamomi, hoton kuwa na kife shi. A ƙarshe in ɗauki lamba guda in gwada ta a tambayar da kuma amsar littafin, in ga sun yarda da juna. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, su a ka suke juyawa. Allah ya ba da sa'a.

Duk alamar da ke da gaba da baya wannan hukuncin ne a kanta: ≤ da ≥, da ∈, da ⊂, da kibiyar ⇒. Rabawa da ÷ ma daga dama ake karanta ta, kamar ragi. Ma'aunin ɗigo a kan jadawali, wanda aka rubuta (٢ ، ٥), lambar da ke dama ita ce ta x, saboda haka (2, 5) za ka rubuta. Alamar ragi ta lamba mai ƙasa da sifili tana damanta, kada ka ɗauka ragowar wani abu ce ka yar.

Sai kuma masu wuce gona da iri. Da sun ji an ce a juya, sai su juya har cikin lamba. Lamba ba ta juyawa: ١٢ sha biyu ce, ١٩٦٠ kuma 1960 ce, babban gurbi a hagu kamar namu. Abin da ke saman layin kaso yana nan a sama, na ƙasa yana ƙasa. Alamar tarawa da ta daidai ba ruwansu da gefe. Zane ma kada ka kife shi, ka dubi lambobin da ke jikinsa ka bi su.

Na biyu a tsanani shi ne ƙaramar lambar nan ta sama. A rubutun gabas, lambar da ake ninka س da ita tana damansa, ƙaramar lambar ƙarfi kuma tana samansa ta hagu. Mu kuwa mun saba lambar da ke hagun x ita ce ta ninkawa. To ka haɗa wannan da hoton da aka ɗauka a karkace, littafin ya lanƙwashe wajen ɗinki, WhatsApp kuma ya matse hoton har ƙananan rubutu sun dushe. Ƙaramar biyun sai ta sauko ta yi kamar tana kan layi, mai kwafe ya rubuta 2x − 9 = 0 alhali x² − 9 = 0 ne. Amsa ta tashi daga 3 da −3 ta koma 4,5. Yadda nake ganewa: in biyun tana hagun س, ta ƙarfi ce ko da hoton ya nuna ta a ƙasa, domin mai littafin ba zai sa ta ninkawa a wannan gefen ba. Kan babin ma yana taimakawa, babin da ke koyar da lissafi mai daraja ta biyu ba zai ba ka 2x − 9 ba. Kuma don Allah ku shimfiɗa littafi a tabarma ko tebur, ku fita haske, ku riƙe waya daidai samansa, ku turo hoton a matsayin fayil don kada a matse shi. Ba wuya a ciki, kasala ce kawai.

Lambobin kansu ƴan faranko-arab sun san su, amma wanda ya yi boko zalla yana faɗawa. Biyar ɗinsu ٥ kamar sifilinmu take, sifilinsu ٠ ɗigo ne, shidansu ٦ kamar bakwai ɗinmu. Na ga ١٠٥, wato 105, an buga ta 1.0. Ɗigon da ke bayan alamar daidai a ƙarshen layi sifili ne, ba aya ba, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa a hoto maras haske. Wakafin ٣٫١٤ na gutsuren lamba ne, ka rubuta 3,14 yadda makarantunmu ke yi, sai fa in don ƴan Katsina ko Kano kake bugawa, su ɗigo suke sawa.

Haruffa kuwa sauya su ake yi: س da ص da ع su ne x da y da z. Sunayen kusurwoyi bin jerin abajada suke yi, أ ب جـ د هـ su ne A B C D E, don haka جـ C ce, ba J ba. In za ka manna zanen littafin yadda yake da haruffansa na Larabci, to ka bar su a cikin tambayar ma, ko ka sake zanen gaba ɗaya. Zane da أ ب جـ, tambaya da ABC, yaro ya rasa wace kusurwa ake nufi.

Gajerun sunaye a taƙaice: جا sin ce, جتا cos, ظا tan, لو log, نها lim, نق kuma rabin faɗin da'ira, wanda muke rubuta r. Ɗigo biyu da ɗan haƙori ne suka raba جا da جتا, ka buɗa hoton sosai. Harafin ط ka bi shi a hankali: kusa da نق π ne, amma bayan alamar ∈ a littafin Masar tarin lambobin ℕ ake nufi. Alamar tushe a juye take zuwa, ƙugiyarta a dama, ka mayar da ita √, ka kuma duba iya inda layin samanta ya tsaya.

In kuma da Larabcin za ka sake bugawa a waya ko ordinata, ka sani na'urar da kanta take juya alamar kwatanci da baka in suna tsakanin haruffan Larabci. Maɓallin da ke ba ka > a layin Faransanci, a layin Larabci da siffar < yake fitowa. Kada ka amince da maɓalli, ka dubi allon ka tabbata bakin alamar na buɗe ta wajen babba, sannan ka mayar da takardar PDF kafin ka kai ta shago, don kada na'urarsu ta sake jera maka layin.