Yadda na gyara akwatin ƙwarina har aka karɓa

Abin da ya sa aka dawo min da akwatina na busassun ƙwarin da aka soke da allura a ɗakin gwaje-gwaje ba yawan ƙwarin ba ne, wurin da allura ta shiga ne da kuma ƴan takardun bayani.

Buzuzu da fara na sake kamowa a gonakin bakin gulbin Rima, bayan Kwalkwalawa, da sassafe kafin rana ta sa su tashi. Na kashe su a kwalba mai murfi da audugar da na ɗiga wa ruwan goge farce. A zafin Sakkwato ƙwaro yana bushewa cikin yini guda, ƙafafunsa su karye da an taɓa, don haka na soke su ranar. Waɗanda suka riga suka ƙage kuwa na kwanar da su a rufaffiyar roba da jiƙaƙƙen yashi har suka yi laushi.

Buzuzu ana soke shi ta fiffiken dama mai tauri, kusa da kafaɗa, ba ta tsakiya ba. Ita kuwa fara ta bayan wuyanta, ɗan dama da layin tsakiya, saboda gefen hagu ya zauna lafiya ga mai dubawa. Na bar kusan milimita 10 na allura a sama don kamawa. Allurar tela tsatsa take yi, ta ƙwari na nema.

Takardar farko ta ɗauki ƙasa, jiha, ƙauye, rana da sunana. Watan na rubuta da lambar Romawa, 14.ix, wato 14 ga Satumba. Ta biyu, ƙarƙashinta, sunan dangin ƙwaron. Kafur na manne a kusurwa saboda kiyashi.