Darasi na 9: Jadawalin da Ya Wuce Gefen Takarda

Sakataren wata ƙungiyar manoma a Gombe ya shirya jadawalin rabon taki a Excel, ya kwafo shi ya liƙa a Word don ya haɗa da wasiƙa. Da aka buga, sai ga kuɗin ya matsa can bakin takarda, gurbin sa hannu kuwa babu shi. Bai goge komai ba. Jadawalin ne ya fi filin rubutu faɗi.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Idan ba a taɓa saitin ba, Word yakan bar santimita 2.54 a hagu, ya bar wani 2.54 a dama, saura kusan 15.9 na rubutu. Shi kuwa Excel ba ruwansa da faɗin takarda, kuma kowane ginshiƙi da faɗinsa na can yake zuwa. Jadawalin sakataren ginshiƙai bakwai ne: lamba 1.5, suna 5.5, unguwa 3.5, lambar waya 3, buhuna 2, kuɗi 2.5, sa hannu 3. In ka tara, 21 ke nan. Ya zarce da santimita 5 da ɗoriya.

Abin da mutane suka fi yi shi ne rage girman rubutu zuwa 7 ko 8. Wannan wahalar banza ce: haruffa sun ƙanƙance, ginshiƙai suna nan yadda suke, ga dattijon da zai nemi sunansa sai ya kanne ido.

Ga gyaran. Danna cikin jadawalin, ko wane gida ne. A saman allo za ka ga Table Layout, a tsofaffin Word kuma Layout ne kawai, can wajen Table Design. Kada ka rikita shi da ɗaya Layout ɗin na tsarin shafi. Shiga, ka danna AutoFit, ka zaɓi AutoFit Window. Jadawalin zai dawo tsakanin gefen hagu da na dama.

In ya ƙi matsewa, yawanci gidajen sun zo da saitin da ke hana rubutu sauka layi na biyu. Zaɓi jadawalin duka da ɗan akwatin da ke kusurwarsa ta hagu a sama, ka danna maɓallin dama na linzami, ka buɗe Table Properties. A ƙarƙashin Cell, danna Options, ka sa alama a Wrap text. Tun kana wurin, leƙa ƙarƙashin Table ka tabbatar Indent from left yana kan 0, Text wrapping kuma yana kan None. Sannan ka sake AutoFit Window.

Aiki bai ƙare ba tukuna, don Word bai san wane ginshiƙi ne ke buƙatar fili ba. Idan aka matse kowanne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ginshiƙin waya zai koma kamar 2.3. Lambar wayar Najeriya kuwa ƙwaya 11 ce. A rubutun Calibri mai girma 11 tana cin kusan santimita 2.2, ga ɗan sararin da Word ke bari a kowane ɓangaren gida. Sai ta karye, ƙwaya ɗaya ko biyu su faɗo layin ƙasa, mai kira ya yi ta buga lambar da ba ta cika ba. Suna ko unguwa in sun sauka layi biyu ba laifi, Tudun Wada dai Tudun Wada ce. Lambar waya da kuɗi ne ba a yarda su karye ba.

Don haka sai ka raba filin da kanka. Koma AutoFit ka zaɓi Fixed Column Width, don kada faɗin ya riƙa sauyawa kana aiki. Danna cikin ginshiƙi, ka rubuta faɗinsa a akwatin Width. Ko da Word ɗinka da inci yake awo, rubuta 2.6 cm zai karɓa. Sakataren ya ba lamba 1.2, suna 4.2, unguwa 2.4, waya 2.6, buhuna 1.5, kuɗi 2, sa hannu 2. Jimla 15.9, cif-cif.

Akwai jadawalin da matsi ba ya yi masa. In ginshiƙai sun kai goma sha biyu, ko wajen haka, gara a kwantar da takardar: Layout na shafi, Orientation, sannan Landscape. Filin rubutu zai zama kusan santimita 24.6. Sai dai wannan zai kwantar da wasiƙar gaba ɗaya, in ba ka zaɓi jadawalin ba ka buɗe Page Setup ka sa Selected text a wurin Apply to.

Kafin ka aika wa firinta, danna Ctrl+P ka duba hoton shafin. Layin jadawali na ƙarshe a dama ya tsaya daidai inda rubutun wasiƙa ya tsaya.

Aikin gwaji: jadawalinka na da ginshiƙai biyar masu faɗin 2, 6, 4, 3 da 3.5. Da santimita nawa ya wuce filin A4, kuma a wane ginshiƙi za ka rage?